Tafsirin Minti 90 a Cikin Megabayit 16



Dattawan da suka riski zamanin da ake zama a gindin rediyo da azumi ana jiran tafsirin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi daga Masallacin Sultan Bello na Kaduna, sa'an nan suka riski zamanin kaset, wanda ake juya shi idan gefe guda ya cika bayan minti 45, sun san cewa tun fil azal karatu yakan fi mazubinsa tsawo. A yau mazubin ya koma wayar hannu, amma mas'alar tana nan: ɗalibi ya zauna a majalisin tafsiri, ko a zauren malaminsa a Garu da ke Dutse, ko a ajin lacca a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ya ɗauki karatu tun daga ta'awwuzi har zuwa addu'ar tashi, ya zo aikawa ta WhatsApp, sai manhajar ta ce masa fayil ɗin ya yi girma.

Haddin da aka daɗe da saninsa ga sautin da aka aika a matsayin sauti shi ne megabayit 16. Akwai wata ƙofa, gaskiya ne, domin tun shekarar 2022 kamfanin ya faɗaɗa abin da ake aikawa ta wurin da aka rubuta Document daga megabayit 100 zuwa gigabayit 2, saboda haka wanda bai damu ba yana iya tura kayansa yadda suke. Sai dai wannan rangwame ne ga mai aikawa kaɗai, wahalar kuwa ta koma kan mai karɓa, wanda zai sauke megabayit 80 ko 90 kowace rana har tsawon wata guda, da kuɗin datarsa, a ƙauyen da sabis yake zuwa yana ɗaukewa, a cikin wayar da hotunan biki suka riga suka cika ta. A ra'ayina, wanda ya rage nauyin karatu kafin ya aika ya fi kyautata wa 'yan'uwansa.

To, mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Wani ɗalibi a unguwar Takur da ke Dutse ya ɗauki tafsiri na minti 90 da manhajar ɗaukar murya ta wayarsa, wadda, kamar yadda da yawa daga cikinsu suke yi, take ajiye sauti a kan kilobit 128 a kowane sakan. Wannan adadi, wato yawan bayanin da ake kashewa a kan kowane sakan na magana, shi ne mudun da ake awo da shi, girman fayil kuwa buhu ne: idan ka san girman mudu, ka san sau nawa aka zuba, ka san abin da ke cikin buhu ba tare da ka ɗaga shi ba. Hisabin kuwa ba ya wuce haka: a ninka kilobit da yawan sakan, a raba da 8, domin bit 8 ne ke yin bayit ɗaya. Minti 90 sakan 5,400 ne. Idan aka ninka da 128, aka raba da 8, za a sami kilobayit 86,400, wato kimanin megabayit 86, fiye da ninki biyar na abin da aka halatta.

Sai a juya hisabin ta baya, wanda shi ne matakin da mafi yawan mutane suke tsallakewa, su dinga gwaji a makance har dare ya raba. A ƙaddara cewa ana son fayil ya tsaya a megabayit 15, don a bar ɗan rara saboda ihtiyaɗi; sai a ninka 15,000 da 8, a raba da 5,400, amsar ta fito 22 da ɗoriya. Ma'ana, duk abin da za a yi, kada a wuce kilobit 22 a sakan. Idan aka zaɓi 20, fayil zai zo wajen megabayit 13 da rabi. Tambayar da ta rage, kuma ita ce zuciyar al'amarin, ita ce ko muryar malam za ta tsira da fasaharta a cikin wannan ƙunci.

Amsar ta rataya ne a kan irin tsarin da aka matse sautin da shi. Tsarin MP3, wanda kowa ya sani, an gina shi ne tun farkon shekarun 1990 domin kiɗa da waƙa a kan adadi mai yalwa, kuma idan aka takura shi zuwa kilobit 20 sai murya ta dinga kaɗawa tana wani ƙara-ƙara, haruffa suna narkewa cikin juna. Tsarin da ake kira Opus kuwa, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a shekarar 2012, an yi shi da niyyar ɗaukar maganar ɗan Adam a kan adadi kaɗan, kuma shi ne WhatsApp ɗin kansa yake amfani da shi a saƙon murya da kuke aika wa juna kullum. A kan kilobit 20, da murya ɗaya, Opus yana fitar da magana sarai, ta yadda mai sauraro ba zai rasa kalma ba matuƙar asalin ɗaukar mai kyau ne. Kafin haka kuma a haɗe sautin ya zama hanya ɗaya maimakon biyu na dama da hagu, domin malami ɗaya ne yake magana, babu fa'ida a raba ɗan abin da ake da shi gida biyu.

Akwai wata dabara da wasu suke yi wadda nake gargaɗi a kanta, wato sauke adadin samfurin sauti zuwa 8,000 a sakan, irin na tsohuwar wayar tarho. Ƙa'ida ce tabbatacciya cewa sautin da aka ɗauka sau 8,000 a sakan ba ya iya riƙe abin da ya haura girgiza 4,000, alhali kuwa shewar haruffa irin su sa, da sha, da fa, da tsa, kaso mai yawa nata yana sama da wannan haddi. Karin sautin Hausa, hawa da saukar murya da ke raba ma'anar kalmomi, yana can ƙasa, don haka yakan tsira. Abin da ke halaka shi ne baƙaƙe. A hira ta yau da kullum hankali yana cike gurbin abin da kunne ya rasa, amma a majalisin tafsiri, inda mai jan baki yake karanta aya da tajwidi, yana fitar da kowane harafi daga makhrajinsa, idan sinun da sadun da sa'un mai ɗigo uku suka koma abu guda a kunnen almajiri mai bibiyar karatu, to an yi hasarar da ta fi ta megabayit. Kada a sauka ƙasa da 16,000.

Sa'an nan sai hayaniya, wadda ita ma tana cin rabonta daga cikin kilobit 20 ɗin nan, domin na'ura ba ta san bambanci tsakanin hikimar malam da rurin janareta ba. Gunjin janareta, da gurnanin wutar lantarki da ke shiga amsa-kuwwa a kan girgiza 50 a sakan, da bugun iskar hunturu a bakin makirfo, mafi yawansu suna ƙasa da inda muryar mutum take farawa, saboda haka idan aka yanke duk abin da ke ƙasa da 80 an rage su ba tare da an taɓa magana ba. Amma a yi hattara da maɓallin share hayaniya da ke cikin manhajoji irin su Audacity, domin idan aka matsa masa lamba yakan ɗebe hayaniyar tare da wani yanki na muryar, malam ya koma kamar mai magana a cikin ruwa. Ɗan shuu da aka bari ya fi muryar da aka lalata.

Ga wanda yake da kwamfuta, ko yake kai aikinsa shagon masu tura karatu da waƙoƙi a waya, manhajar ffmpeg, wadda kyauta ce, tana yin duk wannan da layi ɗaya. Ga layin:

```
ffmpeg -i tafsiri.m4a -ac 1 -af highpass=f=80 -c:a libopus -b:a 20k -application voip tafsiri.ogg
```

A cikinsa, -ac 1 shi ne haɗe sauti hanya ɗaya, highpass=f=80 shi ne yanke gunjin ƙasa, 20k kuwa shi ne adadin da hisabinmu ya bayar. Girman da zai fito ba lallai ya zo daidai da lissafi ba, domin Opus yana ƙara kashewa inda magana ta yi yawa, ya rage inda aka yi shiru, kuma wannan ne dalilin rarar da muka bari. Masu aiki da waya kaɗai za su sami manhajojin sauya sauti da ke tambayar waɗannan abubuwa da sunayen Bitrate, da Channels, da Sample rate.

Kafin a aika, a yi jarrabawa, kuma kada a yi ta a kan wurin da ya fi daɗin ji. A nemi wurin da ya fi wuya, inda mai jan baki ya ɗaga murya amon masallaci yana dawo da ita, ko inda jama'a suka ɗauki kabbara gaba ɗaya, a saurare shi ta lasifikar ƙaramar waya, ba ta abin kunne mai tsada ba, tun da da irinta akasarin mutane za su ji. Idan sautin sa ya koma kamar sha, ko aka ji wani ƙyal-ƙyal yana bin bayan kalmomi, an matse fiye da kima. Idan kuwa murya tana fashewa duk lokacin da malam ya ɗaga ta, a koma a saurari asalin ɗaukar, domin galibi aibin daga can yake, an manna waya a jikin akwatin amsa-kuwwa ne, kuma babu matsewar da ke gyara wannan. Maganinsa shi ne gobe a ja da baya kaɗan. Duk lokacin da za a sake gwaji kuma, a fara daga fayil na asali, domin matse abin da aka riga aka matse yana tara lahani a kan lahani.

Saura mas'ala ɗaya da ta shafi mutanenmu musamman. Ƙananan rediyoyin nan masu cin memori, waɗanda iyayenmu suke ajiyewa a gefen tabarma, da wasu ƙananan wayoyi masu maɓalli, da yawansu MP3 kaɗai suke ganewa, ba su san Opus ba. Idan irin waɗannan ne masu karɓa, sai a koma MP3 a kan kilobit 32, hanya ɗaya, samfuri 22,050, wanda zai kai karatun minti 90 zuwa megabayit 21 da ɗoriya, ya haura haddi. Nan sai a raba shi biyu, kowane kashi wajen megabayit 11, tare da lura cewa ba a yanka a daidai minti 45 don agogo ya ce haka ba. A jira malam ya kammala bayanin ayar da yake kai, a yanka kafin mai jan baki ya ɗauko ta gaba, sa'an nan a rubuta wa kowane kashi sunan sura, da kwanan wata, da lamba 1 da 2.