Mizanin Tara: Hanyar Gano Kuskure a Dogon Lissafi

Gabatarwa

A lokacin kaka, dillalan hatsi a yankin Funtua da Malumfashi kan yi dogon lissafi na buhuna da kuɗi, inda kuskuren alƙalami ɗaya kan jawo asara da jayayya. Akwai tsohuwar dabara ta auna irin wannan lissafi ba tare da an sake shi daga farko ba. Masana lissafi na Larabawa sun kira ta mizani, Fibonacci kuma ya bayyana ta a littafinsa na shekarar 1202.

Yadda Ake Yi

Ana tara alƙaluman lamba, a sake tara na jimlar, har sai alƙalami ɗaya ya rage. A ƙaddara wani dillali a Funtua ya yi lodin motoci 86 na masara, kowace da buhu 347, lissafinsa kuma ya ba da 29,842. Alƙaluman 347 sun tashi 14, su kuma 1 da 4 sun ba da 5. Haka 86 ma ta koma 5. Sai a ninka ragowar biyu: 5 sau 5 ya zama 25, wato 7. Alƙaluman amsar su ma sun tashi 25, wato 7. Mizani ya daidaita.

Da a ce dillalin ya manta da ɗayan da ya riƙe, ya rubuta 29,742, da alƙaluman sun tashi 24, wato 6. Wannan saɓani hujja ce tabbatacciya cewa akwai kuskure.

Dalilin Ingancinta

Goma tara ce da ɗaya, ɗari kuwa casa'in da tara ce da ɗaya. Saboda haka tara alƙaluma daidai yake da zubar da tara-tara daga cikin lamba, a bar abin da ya saura. Idan aka raba 347 da 9, za a sami 38, saura 5. Idan jimlar ta tsaya a kan 9, ana ɗaukar ta a matsayin sifiri.

Iyakarta

Daidaituwar mizani ba ta tabbatar da cewa amsa daidai ce. Duk kuskuren da ya rabu da 9 ba saura, to zai tsallake. Wanda ya juya alƙaluma ya rubuta 29,482 zai sami 7 ɗin nan dai, alhali buhu 360 sun salwanta. Haka nan ɗalibin da bai matsar da layi na biyu zuwa gurbin gomomi ba zai tara 2,082 da 2,776 ya sami 4,858, wadda ita ma ke komawa 7.

Kammalawa

Don haka ya kamata malami ya haɗa mizani da ƙiyasi. Tun da 350 sau 90 ya kai 31,500, nan take 4,858 za ta faɗi. Juya alƙaluma kuwa, maganinsa sake duba kwafin a natse.