Saƙon jajibiri: "Amsa da EH kafin shida"

A ɗakin likitan haƙori, kujera ɗaya ce, kuma kowane mara lafiya da lokacinsa. Idan mai ƙarfe goma bai zo ba, likita ya zauna hannu rabbana, alhali ga wani can a gida yana juyi da ciwon haƙori an ce masa sai mako mai zuwa. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2013 ya nuna cewa tuni ta saƙon waya yana ƙara yawan masu cika alƙawarin asibiti. Sai dai tuni kaɗai ba ya gaya wa ma'aikacin karɓar baƙi wanda zai zo da wanda ya fasa. Shi ya sa ake neman amsa.

Ga misalin saƙon da za a tura ranar Litinin da hantsi: "Salam Hajiya. Gobe Talata 10:00 na safe kina da ganin likitan hakori. Amsa da EH kafin 6:00 na yamma yau. In ba amsa, za mu ba wani gurbinki."

Kalma ɗaya ake nema domin "To" ko "Allah ya kai mu" amsa ce ta ladabi, amma ba ta raba gardama. Ƙarfe shida kuwa an zaɓe shi ne don a samu sararin kiran na gaba a layi kafin dare ya yi. Jimlar ƙarshe ita ce ƙashin bayan saƙon: Hajiya ta san abin da shirunta zai jawo, don haka ba rigima gobe a bakin kanta. Amma dole a cika abin da aka faɗa. Wurin da ya ce zai ba wani gurbi sannan ya riƙa ɗaga ƙafa, nan da nan mutane za su daina amsawa.

Da gangan aka rubuta "hakori" babu lanƙwasa. Saƙon tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ƙ, ɗ ko ɓ ta shiga, sai ya koma 70, a caji kuɗin saƙo uku a maimakon ɗaya. Wani tarkon kuma shi ne tura saƙo da sunan asibiti a maimakon lambar waya: irin wannan ba ya karɓar amsa, Hajiya za ta rubuta EH amma ba zai isa ko'ina ba.

Shiru ma ba kullum yake nufin fasawa ba. Wata ba kati a wayarta, wata caji ya ƙare ba wuta, wata lambar maigidanta ce, wata kuma sai an karanta mata. Don haka kafin a ba wani gurbin, ya kamata a buga waya sau ɗaya, musamman ga dattawa da wanda aikinsa bai kamata ya jira ba, kamar mai kumburin dasashi.