Zum ko tafiya da ƙafa: yadda kyamara ke zaɓa wa mai kallo wurin tsayawa

A shirinmu na al'adu matasa masu haɗa fim da bidiyon biki sun sha yi mana tambaya ɗaya: me ya sa wani hoton ke sa mutum ya ji kamar yana cikin taron, wani kuma kamar yana leƙe ta saman katanga? Amsar tana ga abu uku: gilashin da aka ɗaura wa kyamara, iyakar abin da ya fito tar, da yadda kyamarar ke motsi.

Bari mu ɗauki misali daga nan gida. A 1971 Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, ya ɗauki fim ɗin Tourou et Bitti a garin Simiri na Zarmaganda, wurin wani wasan bori na roƙon kare amfanin gona daga fara. Ɗauka ɗaya ya yi, kusan minti goma babu yankewa, kusan iyakar abin da naɗin fim ɗaya ke ɗauka ke nan. Ya saɓa kyamara a kafaɗa, ya tako da ƙafa ya shiga filin, ya je gaban makaɗa, ya bi masu rawa. Mai kallo sai ya ji shi ma takowa yake yi.

Da a ce daga bakin filin ya tsaya ya jawo su da zum, da labarin ya sake. Zum ƙara girman hoto kawai yake yi, mai kallo yana nan inda yake. Amma in kyamara ta taka, abin da ke kusa yana wucewa da sauri, na nesa a hankali, wanda wani ya tare sai ya bayyana. Haka idonmu ya saba gani in muna tafiya, shi ya sa jiki ke yarda an shiga wurin.

Irin wannan tafiya gajeren gilashi mai faɗin gani take so, don yana ɓoye rawar hannu. Dogon gilashi kuwa, yadda yake ƙara girman mutum haka yake ƙara girman girgiza.

To, mu gwada da lissafi. A ce kana ɗaukar wata mai tumatir a kasuwar Maraɗi, an faɗa mata mummunan labari, kyamararka kuma mai cikakken faɗin hoto ce. Da gilashin milimita 24 ka tsaya mita ɗaya daga gare ta, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8. Duk abin da ke tsakanin santimita 70 da kamar mita ɗaya da santimita 70 zai fito tar, rumfuna da masu wucewa ma ana gane su. Mai kallo zai ga mace cikin damuwa, kasuwa kuma tana ci abinta, babu ruwan kowa.

Yanzu sa gilashin milimita 85, ka ja baya zuwa mita uku da rabi. Girmanta a hoto bai sake ba. Buɗe ƙofar haske zuwa f/2. Abin da zai fito tar bai wuce santimita 20 ba, kamar taƙi ɗaya. Kasuwar ta narke ta zama launi kawai, bayan kuma ya matso kamar zai danne ta. Yanzu mai kallo ba shi da wurin kai ido sai fuskarta, ya shiga zuciyarta ke nan. Mace ɗaya, kuka ɗaya, amma saƙo biyu.

Kowanne da tarkonsa. Da taƙi ɗaya na tsabta, in ta ɗan sunkuyo gaba sai idonta ya dushe, kunne ko ɗankwali ya fito tar. Ka duba ƙwayar ido a babban allo kafin ka sallami mutane. Gajeren gilashi kuma, in ka kai shi dab da fuska, hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya, wurin kuka sai ya koma abin dariya.

Masu aiki da salula, babban gilashin yawancin wayoyi gajere ne, kusan irin na milimita 24 zuwa 26. In ka ja zum da yatsu, sau da yawa yanko hoton kawai wayar ke yi, ya fito dishi-dishi yana rawa. Gara ka riƙe ta da hannu biyu, ka manne gwiwar hannu a jiki, ka ɗan rusuna, ka taka a hankali. Kuma kada ka motsa sai da dalili: amarya ta ɗago kai, ka matso, ta gama magana, ka tsaya cik ka bar mai kallo ya dube ta.