Ɗaga leɓen yaro ki duba: saƙon fastar asibitin haƙori

Yawancin fastocin da ke manne a bangon asibitocin haƙori hoton baƙin haƙori mai kogo suke nunawa, alhali kafin haƙori ya kai wannan hali aikin gama ya gama. Fastar da za ta amfani uwa mai goyo ita ce wadda ta nuna ruɓewa tun tana ƙarama: wani farin tabo kamar alli a gindin haƙoran gaba na sama, dab da dasashi. Ba ya ciwo, kuma ba a ganinsa sai an ɗaga leɓen yaro an duba cikin haske. A wannan mataki ana iya tare ɓarnar ba tare da an kai ga ciko ba. In aka bar shi sai ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya burme.

Mutane kan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Babu wata tsutsa. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke cin sukari, su fitar da tsami mai zaizaye bayan haƙori, kuma duk lokacin da zaƙi ya shiga baki wannan tsami kan yi kusan rabin awa yana aiki kafin yawu ya kashe kaifinsa. Shi ya sa yaron da ya shanye alewa uku a zama ɗaya bayan cin abinci ya fi samun sauƙi a kan wanda ya yini yana tsotsar su ɗaya bayan ɗaya. Mafi muni shi ne kwantar da yaro da fida cike da shayi ko madara mai sukari, domin yawu na raguwa cikin barci, zaƙin ya kwana a kan haƙora.

Sai batun makilin, inda hoto ya fi dogon bayani. Da zarar haƙorin farko ya ɓullo, wajen wata 6, a fara gogewa sau biyu a rana, ɗaya kafin barci, da makilin mai sinadarin fuloraid. Ɗan ƙasa da shekara 3 kamar ƙwayar shinkafa ta ishe shi. Daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama. Babba ne zai riƙe buroshin, yaro ya tofar, kada ya kurkure.

Akwai masu cewa ai haƙoran yarinta ne, zai yi famfara. Gaskiya ne, amma turamen cikinsu sai wajen shekara 10 zuwa 12 suke faɗuwa, kuma su ne ke riƙe wa na dindindin gurbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar waɗannan haƙora. Don haka layin ƙarshe na fastar kan nemi a kawo yaro dubawa kafin ya wuce shekara ɗaya, tun bai fara kukan ciwo ba.