Kafin Ka Sayi Sabon Batir, A Auna Rektifaya

Idan batirin babur ya mutu bayan shekara biyu ko uku, tsufa ne. Amma idan sabo ne, ko wata biyu bai yi ba har oda ta dishe, sitata ta koma ƙas-ƙas, sai an buga kik, to da wuya laifin batirin ne. Abin da ke ba shi caji ya kamata a tuhuma.

A cikin injin Boxer, Jincheng ko Haojue akwai koyil da maganaɗisu ke zagayawa a kansa, shi ke haifar da wuta. Wutar nan irin mai kai da komo ce, wadda mita ke nunawa da AC, kuma ƙarfinta yana hawa da murɗa totur, har ya ninka abin da batir ke so. Batir kuwa ba ya karɓar sai wuta mai tafiya hanya ɗaya, DC. Tsakaninsu akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙarƙari da bai kai tafin hannu ba, wanda masu wayarin ke kira rektifaya. Aikinsa biyu ne: ya miƙar da wutar, sannan ya tsare ta kada ta wuce kimanin bolt 14.5. Rarar da ya tare zafi take zama a jikinsa, shi ya sa aka yi masa haƙarƙarin don ya sha iska. Zafin nan ne ajalinsa, musamman idan ƙura da laka sun lulluɓe shi, ko wayar da ke haɗa shi da firam ta yi tsatsa, ko an daɗe ana hawan babur babu batir.

Lalacewarsa iri biyu ce, kuma wadda ta fi ban takaici ita ce ta yawan caji, domin mai babur gani yake wuta ta wadata. A ɗauki ɗan acaba da ya sa sabon batir, fitilunsa suna haske tar, amma ƙwan baya da na sigina suna ta ƙonewa. Mai wayarin ya sa mita a kan DC 20, jan tsinke a +, baƙi a −. Babur a kashe, mita ta nuna 12.4, wato batirin da sauransa, tunda cikakke 12.6 ne ko sama kaɗan. Aka tayar, ta nuna 14. Aka murɗa totur, sai ga 16, ga 17, tana ta hawa. Magana ta ƙare: ɓangaren da ke tsare wuta ya mutu. Lafiyayyen rektifaya zai tsaya tsakanin 13.5 da 14.5 komai murɗawa.

Abin da ke faruwa a cikin batirin shi ne dahuwa. Wutar da ta wuce 15 tana farfasa ruwan batir ya koma iska ya fice, farantan dalma su tsaya a bushe. Za a ji shi da zafi, wani lokaci da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mai marfi ana iya ƙara masa tataccen ruwa, ba asid ba, amma rufaffen nan na zamani kumbura yake yi, kuma ruwan da ya fita ya fita ke nan. Iskar da yake fitarwa tana kama wuta, don haka kada a matso da ashana ko taba, kada kuma a goga waya a kansa don ganin tartsatsi, al'adar da na so a ce an daina.

Ƙarancin caji a hankali yake kisa. An murɗa totur amma mita ta ƙi wuce 12.5, wato babur yana cin batir ne ba ya mayarwa. Batirin da ya daɗe babu cikakken caji, wani farin gishiri yake daskarewa a farantansa, daga nan ko an kai shi wurin caji ba ya riƙewa.

Sai dai a nan kada a yi gaggawar yanke wa rektifaya hukunci. Ƙonannen koyil ko soket ɗin da ya narke su ma haka suke nunawa. A cire soket, a duba ko bakinsa ya yi baƙi, a mayar da mita kan AC 200, a auna wayoyin da suka fito daga inji. Idan lambar tana hawa sosai da totur, koyil yana aiki, zargi ya koma kan rektifaya. Idan ba ta motsi, ko rektifaya goma aka canza ba za a ga caji ba.

Akwai kuma wanda ke tsotse batir cikin dare, babur yana ajiye. A cire soket ɗin rektifaya a kwana. Idan da safe batir yana nan da ƙarfinsa, an kama mai laifi.

Wajen saye, a tafi da tsohon, domin mai ƙafa huɗu da mai biyar ba ɗaya ba ne, kuma ko ƙafa ta zo daidai tsarin wayoyin yakan bambanta. Bayan an ɗaura, a sake aunawa a kan batir, fitila a kunne, kafin a bar garejin.