Ranar da aka kwance wa Kaka bandeji

Shekara uku ke nan Kaka tana gane jikokinta da murya da takun ƙafa. Idan ƙaramin cikinsu ya shigo ɗakinta da gudu, sai ta miƙa hannu ta laluba kansa ta ce, "Kai ne, maigidan?" Wasan kaka da jika bai mutu ba, amma fuskar wannan miji nata ba ta taɓa ganinta sosai ba, don an haife shi ne bayan hazo ya riga ya rufe mata ido. Labarinta irin na dubban tsofaffi ne a ƙauyukan Kano da Jigawa da Maraɗi, shi ya sa ba sai an kama suna ba.

Abin ya fara ne a hankali. Da farko ta kasa zura zare a allura. Daga baya hasken fitilar babur da dare ya riƙa watsewa a idonta, sai kuma tsintar tsakuwa a shinkafa ta gagara. Babu ciwo, babu ja, babu ƙaiƙayi, saboda haka kowa ya ce tsufa ne. Da baƙin idonta ya koma fari kamar an ɗiga nono, ta daina zuwa suna da biki, aka ware jikanya guda mai shekara goma ta zama 'yar jagora, makarantarta ta koma yau da gobe.

Sunan cutar, yanar ido, yana sa mutane su ɗauka wata fata ce ta rufe saman ido wadda za a iya ɓarewa ko a wanke da magani. Gaskiyar ita ce matsalar tana can ciki. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi mai kama da ƙwayar wake, garau kamar ruwa, wanda ke tattara haske ya kai shi bayan ido. Da shekaru suka ja, sinadaran da aka gina shi da su sukan dunƙule, ya dusashe, kamar yadda farin ƙwai ke rikiɗa idan ya ji wuta. Ciwon suga da shan taba da yawan amfani da wasu magungunan kumburi sukan gaggauta hakan. Babu ɗigon magani ko kwalli ko tofi da aka tabbatar yana mayar da shi garau. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa yana ce ke haddasa kusan kashi 43 cikin ɗari na makantar masu shekara 40 zuwa sama.

Kaka ta kusa faɗawa hannun masu aikin gargajiya, waɗanda ke bin kasuwanni suna soka tsinke a ido su ture madubin ya faɗa ciki. Abin da ke jan mutane gare su shi ne nan take mutum yakan ce ya ga haske. Amma an bar ido ba madubi, ga haɗarin ƙwayoyin cuta da hauhawar matsin ido, kuma wancan binciken ya tarar da cewa akasarin idanun da aka yi wa haka sun ƙare a makance. Ɗanta ne ya ƙi, ya sa ta a mota zuwa asibitin ido a Kano, birnin da ya daɗe da wannan sana'a, tun da asibitin ido na ECWA yana aiki a can tun shekarun 1940.

Gwajin farko da aka yi mata mai sauƙi ne. Ma'aikaciya ta haska tocila daga sama, daga ƙasa, daga dama da hagu, tana tambaya, "Baba, daga ina hasken yake?" Kaka ta nuna kowane ɓangare daidai. Wannan amsa tana da nauyi ƙwarai, domin tana nuna cewa jijiyar gani tana raye a bayan yanar. Da ta kasa, da an yi zargin wata cuta ta daban, kamar hawan jinin ido, wanda ke cinye jijiyar, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa ko an cire yana. Sannan aka auna sugarta da jininta, aka auna tsawon ƙwayar idon da lanƙwasar gabansa da na'ura, don a zaɓi madubin roba mai ƙarfin da ya dace da ita.

Tsoronta ɗaya ne, kuma ta faɗa wa likita ƙiri-ƙiri: ta ji an ce fito da ido ake yi a ajiye a faranti. Likita ya ce mata, "Hajiya, idonki yana inda Allah ya ajiye shi, ba za a motsa shi ba." Aka ɗiga maganin buɗe baƙin ido, aka yi allurar kashe zafi a gefen idon, tana farke tana jin maganar kowa. Likita ya yi 'yar tsaga ta kamar milimita shida ko bakwai a saman farin idon, ya zaro madubin da ya lalace, ya bar siririyar jakar da ke riƙe da shi, ya zura na roba a ciki. Yadda ake yin tsagar yakan sa ta rufe kanta ba ɗinki. Ba a cika minti talatin ba aka fito da ita da bandeji. Sa madubin roba a ido ya samo asali ne daga wani likitan Ingila, Harold Ridley, wanda ya fara gwada shi a Landan a 1949.

Washegari da safe aka kwance bandejin. Ta runtse ido, hawaye ya zubo, ta sake buɗewa. Abin da ta fara magana a kai shi ne zaninta: ashe shuɗi ne haka? Tsohon madubi yakan rine ya yi ruwan ƙasa, ya daɗe yana tare launin shuɗi, shi ya sa da yawa sukan ga duniya ta yi wani irin haske bayan aiki.

Sai aka shigo da yaran. Sun yi tsit, don babansu ya ce kada kowa ya yi magana. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. 'Yar jagorarta ta gane ta nan take, amma ta riƙe baki ganin yadda ta yi tsawo. Ƙaramin kuwa ta daɗe tana dubansa, ta kama haɓarsa ta juya fuskar zuwa taga. "Wannan ai hancin Malam ne," ta ce, tana nufin mijinta marigayi. "Ashe shekara uku ina auren mai wushirya ban sani ba." Yaron ya fashe da dariya, uwarsa ta juya baya tana share ido.

Aikin bai ƙare a nan ba, kuma a wannan gaɓar ce iyalai kan yi sakaci. An ba ta magungunan ɗigawa na wajen wata guda zuwa mako shida, aka ce a wanke hannu kafin kowace ɗigawa, kada bakin kwalba ya taɓa ido. Ba murza ido, ba kwalli, ba zama kusa da hayaƙin murhu, kada ruwan wanka ya shiga, alwala da sujada kuma a bi yadda likita ya tsara a kwanakin farko. Ɗan ƙaiƙayi da hawaye ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan ciwo yana ƙaruwa, ido ya yi jajir, ko gani ya soma raguwa bayan ya buɗe, a koma asibiti a ranar, kada a kwana, domin ƙwayar cuta a cikin ido na iya halaka shi cikin 'yan kwanaki. Yanar da aka cire ba ta dawowa, sai dai jakar nan takan dusashe wa wasu bayan watanni ko shekaru, a buɗe ta da hasken leza cikin 'yan mintuna.

Madubin da aka sa wa Kaka na hangen nesa ne, saboda haka bayan mako shida aka yanka mata tabarau na duba abin da ke kusa. Da shi ta koma tsintar shinkafa. 'Yar jagora ta koma aji, an kuma ba Kaka ranar da za a yi mata ido na biyu bayan an gama girbi.