Cokalin Magani da Buhun Siminti: Lissafin da Ake Yi Kafin a Kunna Inji

Duk wanda ya taɓa zuba kankare a Ƙanƙara ko Faskari cikin watan Afrilu ya san yadda rana take korar ma'aikata. Kafin lebura ya hau da kwanon sarki ya juye, kwaɓin ya fara ƙarfi. Abin da aka saba yi shi ne a ƙara ruwa, kuma ruwan nan shi ke cinye ƙarfin gini. Saboda haka ne wasu magina suka koma sayen sinadarin da ake ɗigawa cikin kwaɓi, wanda a wurin aiki ake ce wa magani ko kemikal. Wani yana sa kwaɓi ya yi laushi ba tare da ƙarin ruwa ba, wani yana jinkirta kamawa, wani kuma na hana ruwa ratsa tanki ko kwalbati. Maganin yana aiki. Inda ake tafka ɓarna shi ne wurin awo.

Kamfanin da ya yi maganin yakan rubuta kaso a jikin jarka, misali 0.6 zuwa 1.2 cikin ɗari. Tambayar da ta raba gwani da ɗan koyo ita ce: cikin ɗari na me? Na nauyin siminti ne kaɗai. Ba a lissafa yashi, ba a lissafa tsakuwa, ba a lissafa ruwa. Dalilin shi ne da ƙwayoyin siminti maganin yake hulɗa: na laushi yana lulluɓe su, ya hana su dunƙulewa, ruwan da suka riƙe a tsakaninsu ya saki. Tsakuwa ba ruwanta da shi. Haka mai gidan burodi yake auna yis da nauyin fulawa, ba da nauyin ƙullin gaba ɗaya ba.

Mu ɗauki wani aiki mu bi shi daki-daki. A ce ana zuba rufin tankin ruwa a Sabuwa da ƙaramin injin kwaɓa da ke ɗaukar buhu ɗaya a kowane zubi, haɗin ɗaya-biyu-huɗu: buhun siminti, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. Buhun Dangote ko na BUA kilo 50 ne. Injiniya ya zaɓi kaso 0.8 daga cikin abin da kamfani ya yarda da shi. Lissafin ke nan:

```
50 × 0.8 ÷ 100 = 0.4
```

Wato kilo 0.4, giram 400 ga kowane buhu. In injin na buhu biyu ne, giram 800. In ƙarshen aiki ya zo aka kwaɓa rabin buhu, giram 200, ko da mai zubawa hannunsa ya saba da cika gwangwani.

Yanzu a duba abin da zai faru in wani ya ɗora kason a kan dukan abin da ke cikin inji. Siminti da yashi da tsakuwa da ruwa na zubi ɗaya sun kusa kilo 400. Kaso 0.8 na wannan ya haura kilo 3, ninki takwas na abin da ake so. Wanda kuma idonsa ya tsallake ɗigon da ke tsakanin sifiri da takwas zai zuba kilo 4 cur. Irin wannan kankaren yakan kwana biyu ko fiye bai kama ba, tsakuwa ta nutse ƙasa, ruwan siminti ya taso sama yana tsiyaya ta haɗin katako.

Waɗannan manyan kurakurai ne, kuma suna tona kansu da wuri. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne na kilo da lita. Lissafi ya ba mu nauyi, amma a wurin aiki da kwalba ake awo, ba da sikeli ba. Galibin waɗannan magunguna sun fi ruwa nauyi, kuma takardar kamfani tana faɗin nauyin lita ɗaya. A ce namu kilo 1.2 ne. Sai a raba 400 da 1.2, a sami mililita 333, sulusin lita. Wanda ya ɗauka giram da mililita duk ɗaya ne ya auna 400, ya zuba giram 480, ƙarin kashi ɗaya cikin biyar a kowane zubi. Ba lalle gini ya lalace ba, tunda bai fita iyakar kamfani ba, amma maganin zai ƙare kafin aiki, kuma da sanyin hunturu kamawa za ta ja lokaci fiye da yadda aka tsara. Akwai kuma kamfanonin da ba sa rubuta kaso sam, sai su ce lita kaza ga kilo 100 na siminti. Nan buhu biyu ake nufi, sai a raba biyu, kuma babu bukatar wancan rabon na nauyin lita. Na gari kuwa, irin na hana ruwa da ake sayarwa a leda, in aka ce kilo ɗaya ga buhu, kaso 2 ke nan.

A ganina bai kamata a bar lissafin nan ya kai bakin inji ba. Wurin akwai ƙara, akwai ƙura, kowa na sauri. A daren jajibiri a sami robar ruwa, a ɗora ta kan ƙaramin sikeli, a cire nauyinta, a zuba giram 400, a yanke robar daidai bakin maganin. Washegari mutum ɗaya ke riƙe da ita: buhu ɗaya, roba ɗaya. Cikin ruwan kwaɓi zai juye, ba kan busasshen siminti ba, don in ya faɗa kan gari wuri guda zai shanye shi, sauran kwaɓin bai samu ba. A girgiza jarkar kafin a fara, a kuma ajiye ta a inuwa.

Jarkar ma shaida ce. Aikin buhu 60 zai ci jarka mai lita 20. In an zuba buhu 30, a leƙa: rabi ya kamata ya rage. In ta kusa ƙarewa, ana ninkawa. In ba ta motsa sosai ba, ana tsallake wasu zubin, kuma hakan na nufin rufi ɗaya ya sami kankare iri biyu.

Duk wannan ya dogara ne da cewa buhun kilo 50 ne da gaske. Siminti da aka fasa aka sake ɗurawa, ko wanda ya yage a hanya, yakan gaza. In kilo 45 ne a ciki, giram 400 ɗin nan ya koma kusan kaso 0.9, ga kuma simintin kansa ya yi kaɗan a haɗin. Ɗora buhu biyu ko uku kan sikelin masu hatsi ya isa a gane.

Sai maganar ruwa, inda kuɗin magani yake dawowa ko ya tafi a banza. Maganin laushi an yi shi ne don a rage ruwa. In da lita 27 ake sa wa buhu, a fara gwaji da 24 ko 25. Da damina kuwa yashin da aka kwaso daga rafi yana zuwa da ruwansa, sai a ƙara ragewa. Zubin farko gwaji ne: a ɗebo shebur guda a juye kan faranti. Kwaɓi mai kyau yana zama a haɗe, yana sheƙi, tsakuwa a lulluɓe. In ruwan toka-toka ya gudu gefe ya bar tsakuwa tsirara, ruwa ko magani ya yi yawa, kuma ruwan ake fara ragewa. In akwai mazurarin gwaji na ƙarfe mai tsayin santimita 30, a cika shi, a zare, a auna yadda kwaɓin ya zauna, a riƙe wannan awon har ƙarshen aiki.

In kuma gari ya waye kankare bai kama ba, kada a taɓa katako da sandunan tallafi, kada kuma a yi gaggawar fasawa. Wanda aka ɗan zarce masa magani yakan kama daga baya ya yi ƙarfinsa, muddin an rufe shi da leda ko jiƙaƙƙen buhu rana da iska ba su busar da fuskarsa ba. A riƙa gwada shi da ƙusa safe da yamma. In ya wuce kwana uku ƙusa tana shiga, a kira injiniya ya duba kafin a ɗora masa ko bulo ɗaya.